Wane littafin kasuwanci za a miƙa wa matashi ya karanta har ƙarshe?

Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya fara sayar da data ga 'yan ajinsu, ko yarinyar da ke tallar hijabai a WhatsApp, idan aka ce za a saya musu littafin kasuwanci, yawanci ɗaya daga cikin abu biyu ake kawo musu. Ko dai littafin makaranta irin na jarrabawar WAEC, wanda zai fara da ma'anar kasuwanci, ya bi da rabe-rabensa, ya lissafo amfanin banki guda bakwai. Ko kuma irin waɗanda ake shanyawa a bakin titi da tashoshin mota, masu bangon da ke alkawarin arziki cikin ƙiftawar ido. Na farko yaron zai ajiye shi a shafi na goma sha biyu. Na biyun zai karanta shi kaf, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, domin zai tashi da zumuɗi cike da ciki, amma ka tambaye shi nawa kaya ɗaya ya tsaya masa, ya kasa faɗa.

Ra'ayina shi ne, littafin kasuwanci mai rai ba shi ne mai yawan kirari ba. Abin da ke sa mutum ya kasa ajiye littafi shi ne ya ga wani ya zuba kuɗinsa a wuri, kuma ba a san ko za su dawo ba. Wannan fargabar ce ke jan mai karatu daga shafi zuwa shafi, kuma ita ce ke koya masa sana'a ba tare da ya ankara ba. Saboda haka daɗin karatu da amfaninsa ba sa rabuwa a wannan fanni. Littafin da ya nuna nawa aka sayo kaya, nawa aka sayar, wa ya hana bashi, me ya sa kuɗi suka ƙare ana tsakiyar ciniki, shi ne mai daɗin kuma shi ne mai karantarwar.

Ana iya gwada littafi tun a shago, cikin minti biyar, kafin a biya. A buɗe shi a wurare uku, kusa da farko, tsakiya, da kusa da ƙarshe, a karanta shafi ɗaya a kowane wuri. A duba ko akwai mutum mai suna da ke yin wani abu a wani gari, ko kuwa marubucin ne kawai ke wa'azi. A duba ko akwai adadin kuɗi na sayen kaya ko na haya ko na bashi, ba adadin dukiyar da wani ya tara ba. Sannan a duba ko an ba da labarin asara tare da dalilinta. Idan shafuka ukun duk sun wuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai "ka yarda da kanka" da "masu kuɗi tunaninsu daban ne", a mayar da shi kan kanta.

Littafin da ya fi cin wannan gwaji a wurina shi ne Shoe Dog na Phil Knight, wanda ya kafa kamfanin takalma na Nike. Ya fito a 2016, aka kuma fitar da gajeren bugu na matasa a 2017. Ba littafin darussa ba ne, tarihin rayuwa ne, kuma mafi yawansa labarin mutumin da kullum ake binsa bashi. A 1962, yana da shekara 24, ya je birnin Kobe na Japan ya gana da kamfanin Onitsuka masu takalman Tiger, ya ce musu yana wakiltar wani kamfani a Amurka mai suna Blue Ribbon. A lokacin babu wannan kamfani ko a takarda, amma shi ne daga baya ya zama Nike. Ya ari dala 50 a wurin mahaifinsa don a aiko masa da samfur, samfurin kuma bai iso ba sai da aka haura shekara. A 1964 shi da tsohon kocinsa na tsere, Bill Bowerman, suka yi yarjejeniyar kowa ya sa dala 500. Odarsa ta farko ƙafa 300 ce a kan dala 3.33 kowace ƙafa, wato kusan dala 1,000, yana sayarwa dala 6.95 daga bayan motarsa a filayen tsere, bayan shagunan kayan wasanni sun ƙi karɓa. Cinikin shekarar farko dala 8,000 ne.

Yaron da ya iya lissafin aji shida zai ce ai wannan ya gama samu, tunda kowace ƙafa tana kawo fiye da ninkin kuɗinta. To a nan littafin ya fara zama makaranta. Ciniki yana ninkawa kusan kowace shekara, amma aljihun kamfanin kullum a bushe yake. Dalili kuwa, dole a biya kuɗin takalma kafin su iso, jirgin ruwa yana makara, wani lokaci a aiko da lambar da ba ita aka nema ba, kuma duk abin da aka samu daga odar bana ba ya isa biyan odar baɗi da ta ninka ta. Sai banki. Bankin kuma yana ganin kamfanin da ke girma da sauri babu ajiya a ƙasa a matsayin haɗari, har bankin farko ya sallame shi a 1971. A 1975 abin ya sake faruwa da wani bankin, cek ɗin albashin ma'aikata suka riƙa dawowa babu kuɗi, sai da kamfanin Japan mai suna Nissho Iwai, wanda shi ma yake binsu, ya duba littattafansu ya biya musu bashin bankin. Knight kansa ya ci gaba da aikin akanta, daga baya koyarwa, har 1969 kafin ya dogara da kamfanin kaɗai. Shekara biyar ke nan yana da kamfani amma albashin wani wuri ke ciyar da shi.

Darasin da ke ciki shi ne bambancin riba da kuɗin hannu, kuma shi ne abin da ke kashe ƙananan sana'o'in matasa fiye da rashin masu saye. Ga yadda uba ko yaya zai sauko da shi ƙasa bayan an karanta babin. A ce yarinya tana da jarin naira 40,000. Ta saro hijabai 20 a Kantin Kwari a kan 2,000 kowanne, tana sayarwa 3,000. Kuɗin mota, leda da data sun ci 4,000. Cikin mako biyu kaya suka ƙare. A takarda ta yi cinikin 60,000, ribarta 16,000. Amma takwas daga cikin hijaban 'yan uwa da ƙawaye ne suka ɗauka sai ƙarshen wata, wato 24,000 suna waje. Abin da ke hannunta 32,000 ne, ƙasa da jarin da ta fara da shi, kuma ba zai saro mata ko guda 20 ɗin farko ba, sai 16.

Yanzu kuma an san ta, mutum 40 ke nema. Saro 40 yana buƙatar 80,000, sai ta ari 48,000 a wurin yayanta. Ta sayar da su duka, amma kamar wancan karon, biyu cikin kowane biyar bashi ne: guda 16, kuɗinsu 48,000. Ta karɓi 72,000 a hannu, ta cire 8,000 na ɗawainiya, rabin masu tsohon bashi suka kawo 12,000, ta haɗa 76,000. Ta mayar wa yayanta kuɗinsa, saura 28,000. Ribar zagaye biyun a takarda 48,000 ce, ta fi jarinta na farko, amma kuɗin hannunta sun ragu daga 40,000 zuwa 32,000 zuwa 28,000, yayin da 60,000 ke aljihun mutane. Ciniki na ƙaruwa, ita tana tsiyacewa. Alamar da za ta gane ta shiga wannan rami ita ce duk zagaye sai ta saro ƙasa da na baya ko ta ci sabon bashi, alhali kowa na yaba mata kasuwa. Maganin kuma ba ƙarin talla ba ne. Ko ta karɓi rabin kuɗi kafin ta saro, ko ta sa wa bashi iyaka, misali kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kayan zagaye, ko ta ƙi odar da jarinta ba zai ɗauka ba. Yarinyar da ta karanta yadda cek ɗin Nike suka dawo babu kuɗi ba za ta ɗauki wannan a matsayin rowar iyaye ba, za ta gane ciwon da take gani a littafi ne ya zo gidansu.

Littafin yana da aibu, kuma gara a faɗa wa yaron. Ƙaryar da Knight ya yi wa mutanen Onitsuka ta zo a labarin kamar wayo ne abin dariya, ba ita ce abin koyi ba. Mutumin kuma ba daga babu ya fara ba: yana da digiri na biyu daga jami'ar Stanford, mahaifinsa mawallafin jarida ne da banki ke ganin mutuncinsa. Labarin ya tsaya a 1980, shekarar da aka fara sayar da hannun jarin kamfanin, don haka sukar da aka yi wa Nike daga baya kan halin ma'aikatan masana'antun Asiya ba ta samu fili sosai ba. Bugun manya yana da zancen giya da ɗan ashar. Ga ɗan ƙasa da shekara goma sha shida, bugun matasa ya fi, ko don sauƙin Turancinsa.

Na biyu shi ne The Richest Man in Babylon na George S. Clason, na 1926. Asalinsa ƙananan takardu ne da bankuna da kamfanonin inshora ke rabawa, aka haɗa su littafi. Tatsuniyoyi ne aka ɗora a tsohuwar Babila, kuma duk wanda ya tashi da jin labaran fatake da ayari zai ji kamar a gida yake. Akwai Arkad, magatakarda talaka, da aka koya masa ya riƙa ware kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu. Ya tara na shekara guda, ya damƙa wa wani mai yin tubali don ya sayo musu duwatsu masu daraja a wata ƙasa, aka sayar wa mai tubalin gilashi. Labarin shafi kaɗan ne, amma ya fi babi guda na gargaɗi: kada ka ba da kuɗinka ga wanda bai san kayan ba, ko da mutumin kirki ne. Akwai kuma Dabasir mai fataucin raƙuma, wanda bashi ya kai shi ga bauta, ya fita ta hanyar raba samunsa gida goma: bakwai na ci da sha, biyu na masu binsa bashi, ɗaya na ajiya. Wannan tsari ne da ɗan shekara sha huɗu zai iya bi da ribar cajin waya tun daga wannan makon.

Abu biyu sai an gyara masa. Littafin yana yaba ba da rance da kuɗin ruwa a matsayin hanyar da kuɗi ke haihuwa, wanda Musulmi ba zai bi ba. A nan babba zai nuna wa yaro cewa abin da ya halatta shi ne haɗa jari da mai sana'a a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, a kuma ɗauki asara idan ta zo. Na biyu, zinariya ake tarawa a Babila, ba naira ba. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ma'ana dubu goman da aka jefa a asusu a watan Janairu ba ta sayen abin da take saye idan Disamba ta zo. Ƙa'idar ware ɗaya cikin goma tana nan daram, amma abin da aka ware ya fi kyau ya koma kaya marasa lalacewa ko 'yar akuya, maimakon ya kwana a gwangwani. Turancin littafin kuma na da ne da gangan, irin na tsoffin fassarorin littattafan addini, don haka babin farko yana iya yi wa yaro nauyi. Idan aka karanta masa shi a bayyane sau ɗaya, sauran zai tafi da kansa.

Ga ƙananan, 'yan sha biyu zuwa sha uku, ƙagaggen labari ya fi shiga. The Toothpaste Millionaire na Jean Merrill, na 1972, labarin wani yaro ne a birnin Cleveland da ya ga tsadar man goge baki, ya lissafa abin da ke cikinsa, ya gane kayan haɗin ba su kai komai ba, ya fara yin nasa yana cin riba ƙanƙanuwa a kan kowane ɗaya. Ƙarshen labarin mafarki ne, amma lissafin tsadar kaya ɗaya da ke ciki na gaske ne.

Akwai wani ƙaramin littafi da nake ganin ya fi dacewa da mu fiye da mutanen da aka rubuta shi dominsu, wato The Mom Test na Rob Fitzpatrick, na 2013. Maganarsa ɗaya ce: idan ka tambayi mahaifiyarka ko dabararka ta kasuwanci tana da kyau, za ta ce tana da kyau, domin tana sonka, kuma kusan kowa haka zai yi maka. A wurin da kara da kunya suke da ƙarfi kamar namu abin ya ninka. Yaro ya ce wa kawunsa zai fara sayar da kunun aya a gora, kawu ya ce Allah ya sa albarka, ai ni ne mai saye na farko. Mutum goma suka faɗi haka, yaron ya ɗauka ya samu kasuwa, ya zuba jarinsa, ranar farko gora uku suka fita, sauran suka yi tsami kafin la'asar.

Marubucin ya ce a daina tambayar mutane ra'ayinsu kan dabara, a tambaye su abin da suka riga suka yi. Maimakon "za ka saya idan na kawo?", sai a ce: jiya da rana me ka sha? A ina ka saya? Nawa ka biya? Me ya sa can kake zuwa? Yaushe rabon da ka saya ka ji bai yi maka ba? Amsoshin nan ba sa ɗaukar kara, domin labarin abin da ya wuce ne. Kuma yabo ba shaida ba ne. Shaida ita ce mutum ya ba da wani abu, ko kuɗin kafin alƙalami, ko lokacinsa, ko ya haɗa ka da wani mai saye. Littafin gajere ne, cike da hirarraki na misali, wasu ma abin dariya. Misalansa na masu ƙirƙirar manhajar waya ne, sai an juya su zuwa kayan da yaron ke sayarwa, amma juyawar ba ta da wuya. Bayan an gama shi, aikin da ya dace shi ne yaron ya yi hira da mutum goma da ba 'yan gidansu ba, ya rubuta amsoshinsu, kada ya ambaci abin da yake shirin sayarwa sai a ƙarshe.

Wanda ya kai sha bakwai kuma Turancinsa ya zauna, musamman mai yin kaya da hannunsa, a ba shi The Goal na Eliyahu Goldratt, na 1984. An rubuta shi kamar labarin ƙirƙira: manajan masana'anta mai suna Alex Rogo aka ba wata uku ya gyara ko a rufe wurin. Babin da kowa ke tunawa shi ne inda ya raka yara tattaki a daji, ya lura duk saurin na gaba, ayarin ba ya wuce saurin wani yaro mai nauyin jiki da ake kira Herbie. Sai ya sa shi a gaba, aka raba kayan jakarsa, tafiya ta yi sauri. Mai zoɓo da ke iya dafa gora 100 a rana amma firjin gidansu 30 kawai yake sanyayawa, ga wuta ba tabbas, ba ta buƙatar babbar tukunya. Duk kuɗin da ta sa a tukunya asara ne; ƙanƙara da kula mai riƙe sanyi ya kamata ta saya. Littafin yana da tsawo, kuma akwai rigimar aure a ciki da za ta gundiri matashi, amma an fitar da shi cikin zane-zane a 2017 ga wanda ya samu.

Yanzu ga wanda kowa zai tambaya, Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, na 1997, wanda babu mai shanya littattafai a titi da ba shi da shi. Ba na musun yana da daɗin karatu. Yana kuma da magana ɗaya mai amfani, cewa kadara ita ce abin da ke sa kuɗi a aljihunka, abin da ke cire su kuma nauyi ne ko da sunansa dukiya. Yaron da ke shirin sayen waya mai tsada da ribarsa ta farko yana buƙatar jin wannan. Amma ka yi masa gwajin shafi uku. Dabarun da ke ciki na sayen gidaje da bashin banki ne da dokokin harajin Amurka, babu wanda ɗan sakandare a Gusau ko Maraɗi zai taɓa. An daɗe ana tababa ko "uban mai kuɗin" mutum ne na gaske kamar yadda aka zana shi. Wani kamfanin marubucin ya shiga kotu neman kariyar fatara a 2012. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake sa yaro ya raina makaranta da aikin albashi, da yadda marubucin ya rubuta wasu littattafai yana yabon kasuwancin nan na kawo mutum a ƙarƙashinka. Ƙasar da ta ga yadda MMM, tsarin nan na biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi, ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016 ba ta buƙatar a ƙara koya wa 'ya'yanta cewa kuɗi na aiki da kansu ba tare da an nuna musu kayan da ake sayarwa ba. Idan za a karanta shi, ya zo bayan sauran, lokacin da yaron ya iya tambayar "nawa aka sayo, wa ya saya?" Haka nake kallon Think and Grow Rich na 1937, wanda ya fi shi ma ƙarancin lissafi.

Maganin zumuɗin da irin waɗannan ke sawa shi ne Bad Blood na ɗan jarida John Carreyrou, na 2018. Labarin Elizabeth Holmes ne, wadda ta bar jami'ar Stanford tana da shekara 19 ta kafa Theranos, ta ce na'urarta za ta yi gwaje-gwajen jini masu yawa da ɗigo kaɗan daga yatsa. An kimanta kamfanin dala biliyan 9, alhali na'urar ba ta yin abin da aka ce. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara goma sha ɗaya. Ana karanta shi kamar labarin 'yan sanda, kuma yana nuna wa matashi yadda ƙarya ƙarama ta "ai mun kusa gamawa" ke girma har ta haɗiye mai ita.

Wani zai ce duk waɗannan na Turawa ne, ina namu? Tambayar tana kan hanya, kuma amsar ba ta da daɗi. Labarin muna da shi. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja da Kumasi, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya zama babban dillalin kamfanonin Turawa. Zuriyoyin fatake irin su Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ƙarni suna tafiyar da ayari da tsarin madugu, maigida da dillali, da bashi na amana tsakanin garuruwan da ke da nisan wata da watanni. Paul Lovejoy ya rubuta tarihin wannan fatauci a Caravans of Kola, na 1980, amma littafin masana ne, ba za a miƙa wa ɗan sha biyar ba. Abin da muke yawan samu kan attajiranmu kuma yabo ne: ya fara da ɗan jari, ya yi haƙuri, Allah ya buɗa masa. Ba a faɗin nawa ne jarin, wace shekara ya karye, wa ya cinye masa kaya. Muna jin kunyar maganar asara da bashi, kuma su ne ainihin abin da ke sa labarin kasuwanci ya karantu. Marubutan Hausa da suka iya riƙe mai karatu littafi uku a kan soyayya za su iya yin haka da labarin yaron shago a Kwari da maigidansa ya sallame shi da jari, in har za su yarda su sa lissafi a ciki.

Kafin a samu wannan, akwai abin da ke cike gurbin. Duk babin da yaro ya karanta, ya kai tambayarsa wurin wani ɗan kasuwa na gida, kaka ko maƙwabci ko gwaggo mai sayar da kayan ɗaki. Ya karanta yadda banki ya sallami Knight, sai ya je ya ce: Baba, an taɓa hana ka kaya bashi a lokacin da kake tsananin buƙata? Yaya ka yi? Dattijon da ba zai taɓa zama ya ba da tarihinsa ba yakan amsa tambaya ƙwaya ɗaya irin wannan da labarin rabin awa, da sunan kaya da farashinsu.

Game da yadda za a tsara karatun, kada a sayo biyar a lokaci guda a jibge masa. Ɗaya, sannan wani aiki da kuɗi na gaske, sannan na gaba. Ni dai da littafin Babila zan fara saboda gajartarsa, tare da littafin rubutu mai layi huɗu a kowane shafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi, wanda ke bi. Sai The Mom Test kafin a ba shi jari, sai Shoe Dog lokacin da ya fara ba da bashi. Jarin ya zama abin da gidan zai iya rasawa ba a yi rigima ba, kuma a sa rana, a ce bayan mako shida za a zauna a duba littafin rubutun tare. Idan ya kai shafi na talatin na wani littafi bai ji yana son ci gaba ba, a bar shi ya ajiye, a sauya masa wani. Tilasta shi ya mayar da abin aikin gida. Idan Turanci ne ya tsaya masa, wani babba ya karanta babi ya ba shi labarin da Hausa, da adadin kuɗin yadda suke, shi kuma ya juya su zuwa naira ko sefa a kan kayansa.

Bugun titi kuma a yi hattara da shi. Ban da haƙƙin marubuci da aka ci, sau da yawa shafuka na ɓacewa ko su maimaitu, wani ma taƙaitawa ce aka sa wa bangon asali, an cire labaran an bar jerin darussa, wato an cire ainihin abin da aka saye shi dominsa. A duba lambobin shafi daga tsakiya, a ga ko suna bin juna, a kuma kwatanta kaurin littafin da jerin babukan da ke farkonsa kafin a miƙa kuɗi.